Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abaya mai lamba 60

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya a inda jarina ya karye a Tudun Wada, shekarun da suka biyo baya ku bar su kawai. Abin da ya tashe ni maganar Inna ce, Allah ya jiƙanta, kullum cewa take mai saye ba ya faɗa miki gaskiya a ƙofarki, sai ya je ƙofar wata.

To ni ƙofar wasu na koma. Da daddare idan yara sun yi barci sai in ɗauki waya in shiga Facebook da TikTok wajen masu saida abaya na Sabon Gari da Samaru, ba kayansu nake kallo ba, kwament nake karantawa. Masha Allah da "nawa ne" duk tsallakewa nake, haka masu kukan tsada, su ko kyauta aka ba su sai sun yi magana. Na samu littafi ɗan 40 na raba shafi uku, ƙorafi, abin da aka tambaya ba a samu ba, sai yabo. Kuma mutane nake ƙirgawa ba kwament ba, don mace ɗaya mai jin haushi tana iya bin shafi biyar tana maimaita magana guda ki ɗauka gari ne ya tashi. Wadda babu hoto babu tsohon fostin ma ba na rubuta ta, sau da yawa abokiyar hamayya ce ta sake suna.

Facalata ta ganni da littafin ta ce wai sa ido nake wa mutane, har gaban Hajiya ta kai maganar. Har yau da take aiko 'yarta karɓar kaya bashi ban manta ba wallahi.

Abin da ya yi ta fitowa shi ne "akwai 60?" Lambar abaya ai tsawonta ne a inci, su kuma 54 da 56 suke sarowa don sun fi tafiya, dogayen mata suna ta tambaya ana ce musu ya ƙare ko a share su, wata ta rubuta cewa tata a ƙauri take tsaya mata kullum sai ta kai tela ya ƙara. Mata daban daban, shafi daban daban, kuka ɗaya. Ga maganar Inna nan.

Amma tambaya ba kuɗi ba ce, kuma abin da ake faɗa a voice note cikin gurup na WhatsApp ba ki jinsa, don haka ban zuba jari ba. Status na saka na ce mai son 58 ko 60 ta ba da rabin kuɗi, da kuɗinsu na je Kantin Kwari a Kano na saro dozin ɗaya. Wata malama daga unguwar Kongo a Zariya uku ta ɗauka, ta ce "Maman Abba ina kika shiga tuntuni?"

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda muka kwashe da mai motar da ya riƙe min kaya a Kwangila.