Miyar taushen mutum 60: ruwa ba ya bin lissafi

Awon miyar taushen Innarmu na mutum 4 a kaina yake: rubu'in kabewa, niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwanin madara ɗaya, daddawa 2, attaruhu 3, ruwa kamar lita ɗaya. Da walimar saukar ƙanena ta taso a gidanmu na Ƙofar Marusa, aka ce a yi na mutum 60, sai na ninka komai sau 15. Nama, kabewa da gyaɗa duk sun bi lissafin lafiya lau. Ruwan ne ya ƙi.

Lita 15 aka zuba a babbar tukunya bisa murhu. Nama ya yi laushi, kabewa ta narke, amma miya tana nan tsululu, ga tuwon shinkafa har an fara kwashewa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Ashe tukunyar da ke cin ninki 15 na ƙarama, faɗin fuskar ruwanta bai fi ninki 6 ba, kuma ta nan tururi ke fita. Ruwan da kan ƙone a ƙaramar tukunya, a babba zama yake yi. Ga kuma kabewa mai yawa tana sakin nata ruwan.

Na kai hannu zan iza wuta, Gwaggo ta tare ni. "Kul, 'yar nan! Kika zuba gyaɗa a wannan wutar, gindin tukunya zai kama, kuma ƙauri ba ya da magani." Ta sa aka kwashe romon sama kusan lita 5 aka ajiye gefe. Aka zare itace, aka dama gyaɗar da ɗan romon kafin a zuba, ana juyawa da muciya har ƙasa. Sai ga miya ta haɗe, manja ya taso. Romon da aka ajiye, rabinsa ma ba mu mayar ba.

Saboda haka yanzu da ninki 9 ko 10 na ruwa nake farawa, da tafasasshen ruwa a gefe don ƙari. Daddawa, attaruhu, gishiri da dunƙule su ma ninki 10, sauran sai bayan miya ta yi kauri an ɗanɗana. A ɗanɗana da lomar tuwo, domin a ludayi gishiri kan yi kamar ya ji alhali da saura. In aka zuba miyar kan tuwo, ruwa ya tsatso ya kewaye shi, ba ta yi ba tukuna.

Alayyahu da yakuwa kuwa, ana zubawa na janye wuta, don zafin babbar tukunya kaɗai ya isa ya dafa su. Ƙanin Baba da ya ci, sai ya aiko tambaya ko Inna ce ta shiga madafa da kanta.