Shago ɗaya, mutum ɗaya, amma mai bashin nawa ya canza

Masara da waken soya nake haɗawa daga Dawanau ina kai wa masu yin abincin kaji, kuma kusan duk cinikinmu bashi ne: ka sauke kaya, kuɗi su biyo baya. Akwai wani Alhaji da muka daɗe muna wannan harka. Ba zan kama suna ba, mu kira wurin nasa `Wane & Sons Enterprises`. Mutum ne mai gidajen haya da motoci, shi ya sa ban taɓa jin ɗar in bar masa kaya ba. Da harkar kaji ta karye masa, kuɗina naira miliyan 18 ne suka maƙale.

Na kwashi takardu na kai wa lauya, a raina ina lissafin gidan da za a sa masa hannu. Ya jera takardun odar a tebur, na da a gefe ɗaya, na baya-bayan nan a ɗaya gefen, ya ce, "Alhaji, duba saman nan da kyau. Waɗannan biyun ba mutum ɗaya ba ne." Tambari iri ɗaya, adireshi ɗaya, sa hannu ɗaya. Amma tsofaffin suna ɗauke da `BN` da lamba, sababbin kuwa `Wane & Sons Nigeria Ltd` ne, da `RC` da wata lamba daban. Ashe tun tuni ya yi wa kasuwancin rajistar kamfani, ba wanda ya ce da ni uffan. Duk kayan da ba a biya ba, kamfanin ne ya yi odarsu.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin haruffa biyu ne kacal a ƙasan tambari. `BN` rajistar sunan kasuwanci ce kawai a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da kasuwanci rajista. Ba ta haifar da wani sabon mutum a idon doka. Mai sunan shi ne kasuwancin, bashin shago bashinsa ne, kotu na iya bin sa har gidansa da motarsa. `RC` kuwa kamfani ne, wanda doka ke ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, ana kai shi ƙara da sunansa. Mai hannun jari ba ya ɗaukar komai sai abin da ya rage bai biya ba na hannun jarinsa. Gidajen hayar da nake hange da sunan Alhaji suke, ba da sunan kamfani ba. Lauya ya ce kotu takan tsallake kamfani ta kama mai shi in an tabbatar da zamba, amma karyewar kasuwa ba zamba ba ce.

Tun daga nan na koma karanta suna daga ƙarshe. Duk kwalliyar da ake jerawa a tsakiya, su `Global`, `International`, `Nigeria`, `Ventures`, `Enterprises`, ba ta gaya maka komai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya rufe sunansa da kalmar da ke nuna irinsa: `Limited` ko `Ltd` ga kamfani mai zaman kansa, `Plc` ga wanda jama'a ke iya sayen hannun jarinsa, `Ltd/Gte` ga wanda ba don raba riba aka kafa shi ba. In babu ɗaya daga cikin irin waɗannan a ƙarshe, to ka ɗauka sunan kasuwanci ne har sai ka ga akasin haka. Amma allon shago ba hujja ba ne. Mai fenti zai rubuta maka `Ltd` in ka biya shi, kuma a kasuwa kowa "lambar RC" yake cewa ko da tasa `BN` ce. Don haka nake neman satifiket ɗin kansa. Na kamfani kansa yana cewa `Certificate of Incorporation`, na sunan kasuwanci kuwa `Certificate of Registration`. Sannan in shiga shafin bincike na CAC a wayata in buga sunan, in tabbatar sunan da lambar sun zo ɗaya harafi da harafi. Sunaye biyu masu kama da juna, ɗaya `BN` ɗaya `RC`, suna iya zama a rajista a lokaci guda, kuma irin wannan ramin ne ya ci kuɗina.

Inda abin ya fi ruɗarwa shi ne raba na mutum ɗaya da na haɗin gwiwa, domin dukansu `BN` suke ɗauka. Suna ba ya taimako ko kaɗan a nan. Na ga `& Sons` wanda babu ɗa ko ɗaya a rajistarsa, uban ne shi kaɗai. Na kuma ga sunan mutum guda a allo, amma a rajista wa da ƙane ne. Abin da ke warware wannan shi ne takardar `Status Report` da CAC ke bayarwa, wadda ke jera sunayen masu kasuwancin. Suna ɗaya, na mutum ɗaya ne. Biyu ko fiye, haɗin gwiwa ne, kuma a haɗin gwiwa na gama-gari kowannensu yana ɗauke da bashin da aka ci don kasuwancin, ko da ba shi ya sa hannu ba. Wannan ya yi mini rana a wani ƙaramin bashi daga baya. Ƙanen da ya karɓi kaya ya shiga wasan ɓuya, wan ya ce, "Alhaji, wallahi ni ban san da zancen ba." Na miƙa masa takardar da sunansa a ciki. Ya yi shiru, ya nemi in raba masa biyan.

Amma in lambar `RC` ce, kada ganin suna ɗaya a takarda ya sa ka ce bashin yana kan mutumin. Tun 2020 mutum shi kaɗai yana iya kafa kamfani, ya zama shi ne darakta shi ne mai hannun jari, kuma katangar nan tana nan daram tsakanin aljihunsa da na kamfanin. Dokar ta kuma kawo `LLP` da `LP`. Na farkon haɗin gwiwa ne a suna amma yana da kariya irin ta kamfani. A na biyun dole a sami aƙalla abokin tarayya ɗaya da bashi ke hawa kansa ba iyaka, shi za ka nemo sunansa.

A takardar kamfanin Alhaji, jarin da aka rubuta naira miliyan 1 ne. Miliyan 18 na bar wa mai miliyan 1! Kuma ko wannan adadin ba kuɗi ba ne ajiye a banki, ƙimar hannayen jarin da aka raba ce kawai. Mafi ƙarancin da doka ta yarda ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Haka `ACTIVE` da kake gani a shafin bincike: tana nuna suna shigar da bayanansu na shekara-shekara, ba wai suna da abin biyanka ba.

Yanzu duk wanda takardarsa ke da `RC` ko `LLP`, ba na sauke masa buhu a bashi sai darakta ya rubuta mini takardar tsayawa da sunansa na kansa, cewa in kamfani ya gaza shi zai biya, da shaidu. Kuɗin da ke shigowa ma ina duba sunan asusun da ya turo su, in ya saɓa da na takardar oda sai in tambaya. Wasu suna jin haushi, su ce, "Haba Alhaji, duk zaman da muka yi?" Sai in ce zaman da shi muka yi, ba da kamfaninsa ba. Mafi yawansu sukan sa hannu. Waɗanda suka ƙi, kuɗi hannu nake sayar musu.