Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Da Aka Sauya Aikin Bayan Intabiyu

A makon jiya mun tsaya ne a inda na fito daga intabiyu a wani kamfanin casar shinkafa da ke Birnin Kebbi, wanda na nemi aikin mai kula da sito a cikinsa. Ina cikin jiran sakamako sai aka turo mini sabon tallan gurbin, kuma da na karanta na tarar sunan aikin yana nan, amma ayyukan da ke ƙarƙashinsa sun canza. Da farko aikin shi ne karɓar buhunan shanshera, ɗora su a sikeli da shigar da su littafi. Yanzu an ƙara fita saye a kasuwannin Jega da Kamba, tare da sharaɗin iya tuƙa babur da sanin awon danshi.

Hankalina ya tashi, sai na kai wa kawuna maganar, domin ya daɗe a ofishin ɗaukar ma'aikata kafin ya yi ritaya. Ya ce, "Ɗana, sau da yawa kuɗin ɗaukar mutum biyu ne ba su samu ba, sai a haɗe aiki biyu wuri guda. Ba lallai an ajiye ka ba, amma idan ka yi shiru za su ɗauka sabon sharaɗin ya kore ka."

Ga abin da na tura wa jami'in da ya gayyace ni, ta lambar da ya kira ni da ita:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne wanda kuka yi wa intabiyun mai kula da sito ranar Talatar da ta wuce. Na ga an ƙara sayen shanshera a cikin aikin. Ina tuƙa babur, na san waɗannan kasuwanni, kuma har yanzu ina son aikin. Shin ina cikin waɗanda ake dubawa, ko sai na sake nema? Na gode."

Kawu ne ya hana ni tambayar dalilin canjin, domin a rubuce takan yi kama da tuhuma, kuma ya ce maganar albashi ta jira sai an tabbatar ina ciki, ko da yake ƙarin aiki ya cancanci a yi ta. Awon danshi kuwa ban ambata ba, tunda a lokacin nan tauna shanshera kawai na sani, ban taɓa riƙe na'urar da ke nuna ko ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 ba, kuma ba na son a ɗauke ni a kan abin da ban iya ba.

Amsa ta zo ana kiran la'asar: sunana yana nan, ba sai na sake nema ba, amma zan koma ranar Litinin manajan saye ya gwada ni a gaban buhu. Yadda gwajin ya kasance sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.