Yau na birkice kantocin shago

Tun asuba ake ruwa a Tudun Wada, har ƙarfe goma ba wanda ya leƙo sai mai shayin bakin layi da ya zo ɗaukar madararsa, sai na ce to yau dai za a yi aikin nan da nake ta ɗagawa. Na kira yaron shago, ɗan yayata ne, muka sauke komai daga kanta muka jibge a tabarma.

Sati biyu kenan ina wani abu da yaron yake ta min dariya a kai. Na samu littafi na rubuta sunayen kaya, duk wanda ya sayi abu sai in ja kara ɗaya a gaban sunan, ko na naira ɗari ya saya ko na dubu biyar, kara ɗaya ne. Don ni ba kuɗin nake ƙirgawa ba, so nake in san sau nawa hannu yake zuwa wajen kayan. Da na haɗa lissafi jiya da dare na sha mamaki wallahi. Indomi katan mai guda 40 kwana biyu yake yi ya ƙare, madarar leda da suga kuwa ba a magana, amma kifin gwangwani da na jera a daidai ƙirji, wuri mafi sauƙi a duk shagon, sau 9 kacal aka taɓa shi a kwana 14. Na ba shi wurin ne kawai don gwangwanayen suna kyau a ido. Ita kuma indomi tana can sama, kullum sai yaron ya taka benci.

To sai muka raba kantar uku. Daga ƙugu zuwa ido, kuma kusa da inda nake tsayawa, na kullum-kullum ne, madara, suga, ganyen shayi, indomi, magi, tumatirin leda. Sama ta koma ta marasa nauyi da ba sa gudu, su man shafawa da kifin nan. Ƙasa kuma masu nauyi, galan ɗin man gyaɗa da katan-katan da ba a buɗe ba, su ma a kan katako saboda danshin damina. Duk abin da muka mayar, tsohon kaya a gaba sabo a baya, a nan ne ma na tsinci gwangwanin madara uku da suka wuce lokaci sun maƙale a lungu, raina ya ɓaci sosai.

Inda na fi daɗewa shi ne kayan da ake saye tare. A bayan littafin nakan rubuta abin da mutum ya haɗa a zuwa ɗaya. Cikin mutum 60 da suka sayi indomi a satin da ya wuce, 41 sun haɗa da ƙwai, wannan ba gardama, kiret ɗin ƙwai ya dawo ƙarƙashin indomi, na dai tura shi ciki kaɗan don yara masu jingina da teburi. Amma maganin sauro da ashana sun so su ruɗe ni. Mutum 22 suka sayi maganin sauro na kunnawa, 18 a cikinsu sun ce a ba su ashana, yaron ya ce "Kawu ai sai mu kai ashana can wajen maganin sauro." Na ce tsaya mu duba ta ɗaya gefen, masu sayen ashana sun haura 70, yawancinsu matan gida ne masu girki da suka zo sayen magi, ba ruwansu da sauro. Kenan in na ɗauke ashana daga gaba na wahalar da kaina sau hamsin don in huta sau goma sha takwas, kuma maganin sauro ba zai zo kusa da kayan miya ba. Sai muka bar ashana a inda take, muka cire kwali biyar muka ajiye a gefen maganin sauron.

Shi ma suga haka, kusan kowa yana haɗawa da shi, har mai sayen omo, to ba zan ce omo abokin suga ba ne. Na taɓa yin wannan wautar bara, na jera su kanta ɗaya, wata Hajiya ta dawo min da suganta ta ce kokonta ƙamshin wanki yake. Tun lokacin omo, sabulu da bula bangonsu daban.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, mutane suka fara zuwa, sai ga ni ina miƙa hannu sama neman indomi ina cafko man shafawa, har sau uku, yaron yana ta ƙyalƙyala dariya. Benci dai yau sau biyu kawai aka taka. Na ja sabon shafi a littafin, gobe kuma zan shiga Kasuwar Gumi, kifin gwangwani ba ya cikin lissafin sari.