Gadin sha biyu zuwa huɗu

Kwana 38 muka yi a jirgin ruwa daga tashar Santos ta Brazil zuwa ƙasar Sin da lodin waken suya, kuma ni ke riƙe da gadin sha biyu zuwa huɗu, dare da rana. A tsakiyar teku abin da sauƙi: awa huɗu a ɗakin tuƙi, awa takwas hutu. Wahalar tana farawa ne in an kusa tasha.

Ranar da muka isa tasha, na sauka gadi ƙarfe huɗu na asuba, shida da rabi aka tashe ni ɗaure jirgi, sai jami'an tasha, sai sauke kaya. Sha biyun dare na sake hawa. Dokar ma'aikatan ruwa ta ce hutun awa 10 cikin kowace awa 24, awa 77 a mako, a raba shi kashi biyu kacal, ɗaya kada ya gaza awa shida a jere. Ranar ko awa uku a jere ban samu ba, amma aka cika takardar hutu kamar komai lafiya, na sa hannu. Wannan sa hannun yana damuna har yau.

Gajiyar ba ta zo mini da hamma ba. Na duba na'urar rada sau uku ina karanta lamba ɗaya, ba ta zauna a kaina ba. Sai ƙararrawar da ke kuka in mai gadi ya daɗe bai motsa ba ta farkar da ni, ina tsaye, hannuna a kan teburin taswira. Matuƙin da ke tare da ni ya ce, "Yallabai, sau biyu na yi maka magana." Nan take na kira kyaftin.