Robar sil ta gas daban, ta ruwan zafi daban

Wani gidan saukar baƙi a Jekadafari nan Gombe suka kira ni, wai janaretansu na yoyon gas ta wajen filta, kuma ba a jima da canza oring ɗin ba, wato zoben robar da ke hana yoyo. Ina kwance kofin filtar na ga robar ta kumbura ta yi laushi kamar an jiƙa burodi a shayi, har ta fi ƙarfin raminta. Na ce wa manajan, ranka ya daɗe ina aka sayo wannan? Ya ce shagon kayan famfo. To nan matsalar take, masu kayan famfo yawanci irin robar da ake kira EPDM suke sayarwa, ita kuwa da ruwa take shiri, tana jure ruwan zafi har wajen digiri 150, amma fetur ko gas ko baƙin mai ya taɓa ta sai ta tsotse shi ta kumbura.

Ta mai ita ce NBR, wadda ke ɗaukar zafi zuwa wajen digiri 100. Wahalar ita ce duk biyun baƙaƙe ne, ido ba ya raba su, mai shago ma sau da yawa girman kawai ya sani. In babu rubutu a jikin ledar ga abin da nake yi, na sayi guda biyu iri ɗaya na jefa ɗaya a kwalbar gas ta kwana ta wuni, sannan na ciro na ɗora ta kan 'yar uwarta. NBR kusan yadda take za ka same ta, EPDM kuwa ta yi ƙiba ta buɗe, ba sai ka auna ba. Da haka na zaɓi wadda na sa, na shafa mata ɗan gas ɗin na ɗaure kofin da hannu, yoyo ya tsaya.

Kafin na tafi suka nuna min hitar sola ta saman rufi, ita ma tana ɗiga a mahaɗar bututu. Nan kuma akasin haka aka yi, wani ya sa NBR daga akwatin makanike, zafi ya busar da ita ta yi tauri ta baje, ina lanƙwasawa ta tsage. Na sa EPDM, kuma fa kar ka shafa mata giris ɗin mota ko basilin, daga mai suke, za su kumbura ta. Giris na silikon ko ruwan sabulu ya isa.

Akwai FKM mai tsada, za ka ji ta fi sauran nauyi a hannu, tana kai digiri 200 kuma mai ba ya cin ta, ina sa ta kusa da jikin inji inda zafi ya yi yawa. Amma tsadarta ba ta sa ta dace da hita ba, tururi yana lalata ta. Su kuma masu yanka tsohon tif na taya su yi gaskit ɗin tankin fetur, wallahi aikin sai an sake shi.