Yadda na shirya takardar aure da ta haihuwa don kai iyali Saudiyya

Ƙanena yana aiki a Jidda, kuma da ya so matarsa da ɗansu su same shi, sai aka nemi takardar aure da takardar haihuwar yaron, an fassara su zuwa Larabci, an kuma tabbatar da sahihancinsu. Tun da ni ne a gida, aikin ya faɗo kaina.

Abin da na fara fahimta shi ne, Najeriya ba ta cikin Yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa hatimi guda ke wadatar da takarda a tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta. Saboda haka dole takardarmu ta bi matakai: hukumar da ta bayar da ita, sai Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Kowane hatimi yana shaidar sa hannun da ya gabace shi ne kawai, ba ya shaidar gaskiyar abin da aka rubuta, don haka kuskuren da ke cikin takarda yana iya tsallake duk ofisoshin nan, sai an isa can ya bayyana.

An ɗaura auren ƙanena a masallaci, kamar yadda aka saba, babu wata takarda. Muka je kotun shari'ar Musulunci da waliyyin amarya da shaidu, aka rubuta ranar ɗaurin aure da sadakin da aka biya, alƙali ya sa hannu. Shi kuwa yaron, katin asibiti kawai yake da shi, wanda ba ya zama takardar haihuwa, don haka muka karɓo masa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne sunaye. Da na jera takardun a kan tebur tare da kwafin fasfo, sai na ga fasfon matar ya ce Hauwa'u, takardar kotu kuwa ta ce Hauwa, kuma sunan mahaifinta Muhammad ne a ɗaya, Mohammed a ɗayar. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma jami'in da bai san ta ba haruffa yake kwatantawa. Na tambayi mai fassarar ko zai daidaita su a cikin fassararsa, sai ya ce mini: "Alhaji, abin da ke cikin takarda shi nake juyawa, ko da kuskure ne. Idan na gyara, fassarar ta saɓa wa asali, kuma ni na sa hannu cewa sun yi daidai." Gaskiya ya faɗa, kuma a ganina duk mai fassarar da ya yarda ya yi irin wannan gyara bai cancanci a ba shi takarda ba. Muka koma kotu aka sake rubuta takardar bisa ga fasfo, domin gyaran fasfo ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abin da bai bayyana a takardunmu na gida ba. Katin iƙamar ƙanena, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, yana ɗauke da sunansa da haruffan Larabci, kuma sunan kakanmu na Hausa ne tsantsa, irin wanda za a iya rubuta shi da Larabci ta hanyoyi da dama. Mai fassarar ya nemi hoton iƙamar, ya kwafi sunan harafi bayan harafi a takardun biyu, don mijin da ke takardar aure, da uban da ke takardar haihuwa, da mai neman bizar su zama mutum ɗaya. Ranaku kuwa ya bar su a kalandar Miladiyya yadda suke, bai mayar da su Hijiriyya ba. Ya fassara har rubutun da ke cikin hatiman, ya nuna inda sa hannu yake, sannan ya ƙara shaidarsa da hatiminsa a ƙasa.

A Abuja na biya kuɗin ma'aikatar ta Remita, na miƙa asalin takardun da fassararsu, aka buga hatimi, daga nan na wuce da su ɓangaren ofishin jakadanci. A layi na ga an mayar wa wani bawan Allah takardarsa saboda ya liƙe ta da leda don kada ta lalace, alhali a jikin takardar ake buga hatimin. Namu a jakar fayil na riƙe su, kuma sai da na ɗauki hoton gaba da bayan kowace takarda bayan hatimin ƙarshe kafin na aika wa ƙanena su.